Gurbin "Objet" ne ya ci mini aiki: yadda nake rubuta imel ɗin rakiyar CV da Faransanci yanzu

"Demande d'emploi." Abin da na sa ke nan a gurbin Objet, wato layin da ake rubuta kan saƙo a imel, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Aikin kula da sito ne a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Maradi, irin wanda na shekara uku ina yi, duk abin da suka nema ina da shi. A ƙasan sanarwar, bayan jerin takardu, akwai layi guda: "Merci d'indiquer en objet la référence du poste." Na karanta shi, na ɗauka ado ne, na wuce. Kwana biyu na yi ina goge CV, gurbin Objet kuwa ko minti ɗaya bai samu ba.

Da shiru ya yi yawa na kai kuka wurin wata yayata da ke ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiyar daban. Ta karɓi wayar, ko jikin saƙon ba ta buɗe ba, ta ce, "Ƙanena, ina lambar aikin?" Na ce ai tana ciki, a layi na shida. Ta ce, "To wa zai je layi na shida?" Sai ta nuna mini yadda ake yi a wurinsu. Akwatin imel ɗaya ne ke karɓar takardun ayyuka da yawa a lokaci guda. In ranar rufewa ta wuce, sai a ware saƙonnin da lambar da ke kan Objet, waɗanda suka fito su ne dosiyen wannan aikin. A wasu wuraren ma na'urar ce ke jefa kowane saƙo cikin jakarsa tun isowarsa. Wanda ba lamba a kansa sai ya tsaya cikin tarkacen masu neman "ko wane aiki". Ba na iya rantsuwa cewa haka aka yi da nawa, amma ta ce ita da kanta haka za ta yi da shi.

Yanzu Objet nake fara rubutawa, kuma tsarinsa ba ya canzawa: kalmar Candidature, sunan aikin daidai yadda sanarwa ta rubuta shi, lambar, sannan sunana.

```
Objet : Candidature au poste de magasinier – Réf. LOG-07 – Prénom NOM
```

Lambar kwafo ta nake yi daga sanarwar, ba na buga ta da hannu, domin sifiri da harafin O kama suke yi a waya, kuma ɗan layin tsakiya in ya ɓace bincike na iya tsallake ka. In sanarwa ta ce lambar kaɗai za a sa, lambar kaɗai nake sawa, ko sunana ba na ƙarawa.

Daga baya na gano inda cutar ta samo asali. Mu da muka tashi da rubuta takardar neman aiki da hannu, wadda ake kira "demande manuscrite", a manna mata tambur a kai ofishin gwamnati, hannunmu ya saba da "Objet : Demande d'emploi" da kuma buɗewar nan da kowa ya haddace: "J'ai l'honneur de venir très respectueusement solliciter auprès de votre haute bienveillance…" Ita na kwashe ɗungurungum na zuba a imel. A takardar da za a kai wa minista tana da muhallinta. A imel kuwa layi uku take cinyewa ba ta faɗi ko wane aiki kake so ba, kuma mai karantawa roƙo yake ji. Ƙungiyar da ta fitar da sanarwa tana da gurbi da take son cikewa, kai kuma kana da abin da zai cike shi. Ladabi a Faransancin aiki yana cikin "vous", da gaisuwa daidai, da rufewa daidai. In waɗannan sun cika ba a buƙatar durƙuso.

Ga wanda na rubuta a karo na gaba, wanda aka kira ni ganawa a kansa:

```
Madame, Monsieur,

À la suite de votre annonce, je vous adresse ma candidature
au poste de magasinier (réf. LOG-07).

Depuis trois ans, je gère deux magasins de vivres : réception,
fiches de stock, inventaire mensuel et suivi sur Excel.
Je parle haoussa et français et je suis disponible immédiatement.

Vous trouverez en pièces jointes mon CV et ma lettre de motivation.
Je me tiens à votre disposition pour un entretien.

Je vous prie d'agréer, Madame, Monsieur, mes salutations distinguées.

Prénom NOM
Téléphone
```

Bai kai kalma ɗari ba, kuma yana shiga fuskar waya kusan ba sai an ja ƙasa ba. Jimlar farko ta faɗi aikin da lambarsa, ko da yake suna kan Objet, saboda in aka buga saƙon a takarda ko aka tura wa wani shugaban sashe, kan na iya canzawa.

Sakin layi na biyu shi ne ya fi ba ni wuya, kuma a nan ake gane mai ƙarfin gwiwa. A da abin da na rubuta shi ne "Je suis dynamique, rigoureux et motivé." Yayata ta ce rabin saƙonnin da take buɗewa haka suke cewa, idonta ma ba ya tsayawa a kai. Abin da ke tsayar da ido shi ne abin da za a iya dubawa a CV a tabbatar: shekara uku, sito biyu, ƙidayar kaya kowane wata. Sai ka ɗauko abu biyu ko uku da sanarwar ta nema, ka amsa su da kalmominta. In ta ce "inventaire", kai ma ka ce "inventaire". Fi'ilin kuma ya zo kai tsaye: "je gère", "j'ai suivi", "j'ai formé". Na cire duk "je pense pouvoir" da "j'espère que" da "si possible", domin kowane ɗaya ja da baya ne. Ta ɗaya ɓangaren, "je suis le candidat idéal" cika baki ne, wannan hukuncin nasu ne.

Kar a kwafe wasiƙar bayanin dalili, wato "lettre de motivation", a zuba cikin imel sannan a sake haɗa ta a matsayin takarda. Wannan ma na taɓa yi. In sun nemi wasiƙar, ta tafi a haɗe, imel ya zama ɗan rakiya. In CV kaɗai suka nema, a nan ne sakin layi na biyu zai iya ƙaruwa da jimla biyu ko uku.

Gaisuwa da rufewa suna da ƴan tarkuna da mai Faransanci ke hangowa nan take. In ba ka san wanda zai karanta ba, "Madame, Monsieur," da waƙafi, ba "Monsieur/Madame" ba, ba kuma "Cher Monsieur" ga wanda ba ka taɓa gani ba. In sanarwa ta ce a aika wa darakta kuma ka tabbatar namiji ne ko mace, "Monsieur le Directeur," ko "Madame la Directrice,". Duk abin da ka buɗe da shi, shi za ka maimaita a tsakiyar rufewar. Taƙaita Monsieur a Faransanci "M." ne. "Mr" na Turanci ne, kuma ƴan uwanmu na Najeriya masu neman aiki da Faransanci suna yawan faɗawa nan.

Akwai kuskure guda da kusan kowa ke yi har ya zama kamar daidai: "Dans l'attente de votre réponse, veuillez agréer…" Mai jiran amsa kai ne, "veuillez" kuma da su yake magana, jimlar ta sauya mai ita a tsakiyar hanya. In za ka fara da "Dans l'attente", abin da ke biye shi ne "je vous prie d'agréer". Masu tsanani kuma suna cewa "l'expression de" da "sentiments" take tafiya, gaisuwa ba a bayyana ta, miƙa ta ake yi, shi ya sa nake sa "mes salutations distinguées" tsurarta. "Cordialement" ya halatta a imel, amma ni sai an amsa mini sau ɗaya nake komawa gare shi. "Cdlt" kuwa ko kusa.

"Ci-joint" ya ishe ni da shakku: a farkon jimla ba ya canzawa, bayan suna yana bin sa, kamar "la lettre ci-jointe", a tsakani kuma ana ta gardama. "En pièces jointes" ya raba ni da wannan ciwon kai. Sauran abin dubawa shi ne wasullan da waya ke haɗiyewa. "a" da "à" ba ɗaya ba ne, "diplome" ba hula kuskure ne, kuma mace za ta rubuta "diplômée" da "intéressée". Sai "je serai" da "je serais": na farko ya yanke cewa za a kira ka, na biyu shi ne na ladabi, "je serais heureux de vous rencontrer". Kafin in fara nakan mai da allon rubutun wayar zuwa Faransanci, in ba haka ba mai gyaran kalmomi yana mai da "poste" ta koma "post" ban lura ba.

Takardun haɗawa duk PDF, saboda Word yakan wargaje a na'urar wani. Sunan fayil ya faɗi abin da yake:

```
CV_Prenom_NOM.pdf
Lettre_Prenom_NOM.pdf
```

Nawa na farko sunansa "cv final 2 corrigé". Ba na sa wasali mai alama ko tazara a sunan fayil. In sun nemi kwafin digiri, takardar shaidar ɗan ƙasa da "casier judiciaire" da bai wuce wata uku ba, kuma suka ce "en un seul fichier PDF", to fayil ɗaya ne, a jere yadda sanarwa ta jera su. Hotunan waya suna da nauyi, don haka nakan matse fayil ɗin ya sauko ƙasa da iyakar da suka sa, in ba su sa ba in tsaya wajen "2 Mo". Abin da ba su nema ba ba na haɗawa.

Jerin da nake bi kafin aikawa a juye yake: takardu tukuna, sai Objet, sai jikin saƙo, adireshinsu a ƙarshe, don kar yatsa ya taɓa "Envoyer" saƙo bai cika ba. Nakan fara aika wa kaina, in buɗe a waya, in danna kowane fayil in ga ya buɗe, in ɗora Objet kusa da sanarwar in karanta lambar harafi-harafi. Kuma kwana biyu kafin ranar rufewa nake aikawa, tun ranar da wuta ta ɗauke mini saura awa ɗaya a rufe.