Yadda na gyara sanarwar kare bayanai ta yadda ma'aikata za su san abin yi ba tare da fargaba ba

Daftarin da sashen shari'a ya miƙo mini shafi uku ne, kuma sakin layinsa na farko a kan hukunci yake: duk wanda ya saɓa wa sabon tsarin kare bayanai zai fuskanci ladabtarwa, har ta kai ga sallama daga aiki. Babu ƙarya a ciki. Amma wanda ya karanta zai tashi da tsoro ne kawai, bai san abin da zai canza a aikinsa gobe da safe ba. A harkar kare bayanai kuwa tsoro ɓarna yake jawowa, domin mai tsoro ɓoye kuskurensa yake yi.

Abin da na fara yi shi ne buga daftarin a takarda, na bi shi jimla-jimla da biro kala uku. Ja ga abin da ma'aikaci zai yi ko zai bari da hannunsa, shuɗi ga abin da ma'aikata kanta za ta yi, kore ga bayanin doka da ma'anar kalmomi. Da na gama, jan layi bakwai kacal na samu a shafi ukun nan. Biyu maimaici ne, saura biyar. Waɗannan biyar su ne sanarwar. Sauran duk na bar su a cikin cikakken kundin tsarin, na nuna inda za a same shi.

Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin na yi masa tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe, wurin wa. A nan ne ramukan daftarin suka fito. Akwai jimlar da ta ce “za a sanar da duk wani keta haddin bayanai ba tare da ɓata lokaci ba”. Wa zai sanar? Wa za a sanar wa? Mai buga takardu da ta tura wasiƙa ga adireshin da ba shi ba, ba za ta taɓa kiran abin da ta yi keta haddi ba, a wurinta kuskuren hannu ne. Don haka na mayar da jimlar haka:

“Idan kun tura bayanin wani ga wanda bai kamata ba, ko wayarku ta aiki ko kwamfutarku ta ɓace, ko kun danna wani adireshi a imel sannan kuka yi zargin na damfara ne, ku kira jami'in kare bayanai nan take, a ranar, ko da ba ku tabbata ba. Ba sai kun fara gaya wa shugaban sashenku ba.”

Na bi ta da dalili a layi biyu, domin umarnin da aka san dalilinsa ya fi zama a rai. Dokoki da dama, irin su GDPR ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, sun ba ma'aikata awa 72 daga lokacin da ta san an samu matsala ta kai rahoto ga hukumar da ke sa ido, in dai matsalar za ta iya cutar da masu bayanan. Cikin awannin nan ne za a gano bayanan mutum nawa suka fita, wane iri ne, ko za a iya janyo su. Na guji rubuta wa ma'aikata “cikin awa 72”, domin wa'adin na ita ma'aikatar kanta ne, ba na mutum ɗaya ba. In aka rubuta shi a matsayin nasu, wani zai ɗauka yana da kwana uku na yin shawara da zuciyarsa.

Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce “bayanan sirri”. Da ita na fara, domin ita ce ta fi zuwa baki. Na ba mutum biyar daga sassa daban-daban su karanta, ban tambaye su ko sun gane ba, don kowa zai ce e. Sai na ba su misali: ga jerin sunaye da lambobin waya na waɗanda suka halarci taro, wani daga waje ya roƙa, me za ku yi? Uku suka ce za su ba shi, ai lambar waya ba sirri ba ce. Suna da gaskiya a kan kalmar da na ba su. Abin da doka take nufi ya fi sirri faɗi: duk bayanin da za a iya gane mutum da shi. Na cire kalmar, na sa “bayanan mutane”, na bi ta da misalai daga teburinsu: suna, lambar waya, adireshi, hoto, lambar asusun banki, takardar albashi, takardar asibiti. Na ƙara da cewa bayanin lafiya yana cikin waɗanda ake tsananta kulawa da su fiye da sauran.

Kuskure na biyu ma nawa ne. Garin sassauta harshe na mayar da “dole” zuwa “yana da kyau” a wurare uku. Lauyar da ta duba ta kira ni ta ce, “Malam, wannan ya koma shawara. In wani ya ƙi bi, da me za mu riƙe shi?” Gaskiyarta. Taushi a murya ake sa shi, ba a wajibin ba. Daga nan na tsayar da ƙa'ida: “dole ne” da “kada” ga wajibai biyar ɗin kawai, “muna ba da shawara” ga abin da ke da zaɓi. “Ya kamata” na kore ta gaba ɗaya, domin tana zaune a tsakiya, kowa yana fassara ta yadda ta yi masa daɗi.

Akwai kuma hanin da ba a buɗe masa ƙofa ba. Daftarin ya hana tura fayilolin aiki ta imel na ƙashin kai ko manhajar hira, ya yi shiru. Mutane ba don mugunta suke yin haka ba, fayil ne ya yi wa imel na ofis girma, ko suna son ƙarasa aiki a gida. In an hana ba a nuna hanya ba, za su ci gaba a ɓoye. Sai da na zauna da masu kula da kwamfuta suka tabbatar mini da ma'ajiyar da aka amince da ita, sannan na rubuta kowane “kada” da abin da za a yi a madadinsa. Haka na yi wa saƙon da ake tura wa mutane da yawa na waje: a zuba adireshinsu a `Bcc`, ba a `To` ko `Cc` ba, don kada kowa ya ga na kowa.

Hukuncin ban cire shi ba, ɓoye shi yaudara ce. Na sauko da shi ƙasa, na raba shi gida biyu: kuskuren da aka kawo rahotonsa da wuri, da kuma ganganci, kamar leƙa fayil ɗin wani ba tare da aiki ya kai mutum can ba, ko ɓoye matsala. Na so in rubuta cewa ba za a hukunta mai kawo rahoto ba, amma wannan alkawari ne da ya fi ƙarfin mai gyara rubutu. Na kai wa shugabanni, abin da suka amince da shi a rubuce shi na sa: kawo rahoto da wuri abu ne da za a duba wa mutum, ɓoyewa kuma laifi ne mai zaman kansa.

Sanarwar ta dawo shafi ɗaya. A sama akwai ranar da tsarin zai fara aiki da abin da ya canza, sai wajibai biyar, sai dalili, sai hukunci, sai sunan jami'in da lambar da za a same shi har bayan an tashi daga aiki. Kafin a tura na sa lauyar ta jera tsohon daftari da sabo ta tabbatar babu wajibin da ya faɗi a hanya, na kuma sake gwada misalin jerin sunayen nan da wasu mutum biyar da ba su ga rubutun farko ba. Dukansu suka ce ba za su bayar ba sai sun tambayi jami'in.