Ruwan da ke fitar da mai, shi ke hana ƙuli ƙaras-ƙaras

Karon farko da na yi ƙuli-ƙuli ni kaɗai, mudu 3 na gyaɗa na auno a kasuwar Muda Lawal. Na soya, na murje jan ɓawon, na sheƙe, yaro ya kai inji. Da markaɗen ya dawo na ga mai ya ɗan taso a samansa yana ƙyalli, sai na ɗauka aiki ya zo da sauƙi. Na ajiye shi na tafi ɗora girki, ban waiwaye shi ba sai bayan la'asar. Ya huce sarai. Na juye a turmi, na kwara masa ruwan zafi cikin moɗa gaba ɗaya, na hau juyi da taɓarya.

Na yi juyi har kafaɗuna suka sage. Abin ya koma fari-fari, yana danƙo, yana manne wa taɓarya, man da na tsiyaya bai cika kwalba ba. Na dai mulmula na soya a haka. Rabinsa ya wargaje a kasko, sauran kuma in ka gutsura sai ya lotsa kamar tuwo, ya bar maiƙo a yatsa.

Gwaggon maigidana, wadda ta tsufa a wannan sana'a a nan Bauchi, ita na kai wa ƙara. Ta ɓantari ɗaya ta murza a tafin hannu.

"'Yar nan, wannan ai ba a kasko ya lalace ba. Tun a turmi."

"Gwaggo, ruwan zafi fa na zuba."

"Zuba shi kika yi ko ba shi kika yi?"

Washegari muka sake mudu 3, tana zaune tana kallo. A nan na fahimci abin. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, yana ɓoye cikin ƙwayar. Suya da niƙa su ke fasa ma'ajiyarsa, shi ya sa markaɗe ke yin ruwa-ruwa alhali ba a sa masa ruwa ba: garin gyaɗar ne ke iyo cikin mansa. Shi kuwa garin ya fi son ruwa a kan mai. In ya sami ruwa kaɗan sai ya tsotse, ya kama ɗan'uwansa ya dunƙule, man ya rasa wurin zama ya fito. Amma in ruwan ya yi yawa lokaci guda, garin ba ya dunƙulewa, jiƙewa yake yi ya saki jiki, man ya tsinke ƙanana-ƙanana ya maƙale a ciki. Farin da na gani ke nan.

Saboda haka tun markaɗen na da ɗumin inji muka fara, don mai mai ɗumi ya fi gudu. Gishiri a cikin ruwan aka narkar da shi. Ludayi ɗaya, juyi, a jira ya shanye, sannan wani. Wajen ludayi na huɗu ya yi tauri har na ɗauka na sake ɓatawa. Gwaggo ta ce in ci gaba. Can sai launinsa ya yi duhu, ya daina kama jikin turmi, ya haɗe wuri guda yana wani ƙara cakal-cakal, mai na kwanciya a gefe. Duka ruwan bai wuce kofi 2 ba, kuma daga nan ba a ƙara ko ɗigo.

Ni da a nan zan tsaya. Ita kuwa ta sa na riƙa cirar tunkuzar curi-curi ina dannewa a kan katako mai gangare, kwano a ƙasa, sai na ga mai na ci gaba da zuba. Sau biyu na bi kowane curi. Gwajinta shi ne ki murza ɗan kaɗan tsakanin tafukanki, ki lanƙwasa: in ya tsage a baki, tafin kuma bai jiƙe sharkaf ba, ta matsu. Mun sami fiye da lita 1.

Suya ba ta da wani sirri mai yawa. Siriri ake murzawa, kada ya wuce kaurin ƙaramin yatsa, domin ruwan nan da aka ba shi a turmi dole ya fita a kasko, kuma ba ya fita daga tsakiyar mai kauri. Wuta matsakaiciya. In ta yi yawa bayan ya yi ja, cikin na ɗanye. In an sa sukari ma ya fi saurin ƙonewa. Kumfar da ke tashi ruwan ne ke ficewa, don haka ita nake kallo, ba launi ba. Idan ta lafa, matsami ya taɓa su suna ƙara kamar tsakuwa, sai a kwashe.

Da zafinsa zai yi kamar bai bushe ba, sai ya huce yake ƙarasa tauri. Na taɓa ɗaure shi a leda da sauran ɗumi saboda masu saye na jira a zaure, da safe na tarar ledar ta yi gumi, ƙulin ya yi laushi. Yanzu a faranti nake baza shi har ya huce, kuma in damina ce, bokiti mai murfi nake rufe shi a ciki.