Wayar dai ita ce, darajar Nairar ce ta ragu

Yau a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na ga wani yana rantsuwa an tsawwala masa. Mai shagon ya jawo kalkuleta. Wayar dala 100 ce daga China. Farkon 2023, lokacin da dala ke wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, naira 75,000 ta isa. Da dala ta kai naira 1,500, sai an ba da 150,000, alhali 'yan China ba su ƙara ko sisi ba. Kwastam ma da farashin dala suke lissafin haraji. Abin da ya fi damuna: ko tsohon kaya ne a shago, da kuɗin sayen sabo ake masa farashi, in ba haka ba jari ya narke.