Talla, ɗan littafi ko kuɗin rajista: abin da shafin kiwon kaji ya kawo mini a Kano

Shafina na kiwon kaji ne, da Hausa nake rubuta shi, kuma ba babba ba ne. A wata mai kyau ana buɗe shi kamar sau dubu 20, mutanen da ke leƙowa kuma ba su wuce dubu 6 ba. Yawancinsu 'yan Kano ne da Jigawa da Katsina, masu kaji hamsin zuwa ɗari biyu a bayan gida, kuma kusan duk da waya suke karantawa. Da wannan jama'a na gwada hanyoyi uku na samun kuɗi.

Talla na fara sakawa, domin ita ce ba ta buƙatar ka roƙi kowa komai. Wanda kowa ya sani shi ne AdSense na Google. Ƙa'idarsu ita ce sai kuɗinka ya kai dala 100 za a biya ka, kuma kafin nan za su aiko maka da wata lamba ta gidan waya don tabbatar da adireshinka. Sai dai da na duba jerin harsunan da suke karɓa ban ga Hausa ba, don haka na koma wani ƙaramin kamfanin talla. Ma'aunin da ake dubawa a allo shi ne RPM, wato abin da ka samu a kowane buɗewa dubu. Nawa yana yawo ne a kusa da rabin dala. Buɗewa dubu 20 ke nan dala 10 a wata, in aka ƙaddara dala a naira 1,500 ya zama naira dubu 15. Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne: masu talla suna biya ne gwargwadon abin da suke sa ran mai kallo zai kashe, kuma mai karatu daga Kurna ba a yi masa farashin mai karatu daga Amurka.

Da kuɗin ne kaɗai matsalar da na haƙura. Amma tallar da kamfanin ke turowa ta caca ce da ta masu ba da bashi da ruwa, wani lokaci da hotunan da ba za ka so mahaifinka ya gani ba. Wani dattijo mai kiwo a Hotoro ya kira ni ya ce, "Malam, na buɗe zan nuna wa yarana jadawalin rigakafi, sai ga abin da ya fito. Kai ka sa?" Ga shi shafin ya yi nauyi, yana cin data. Na cire ta gaba ɗaya. Daga baya wani mai shagon abincin kaji ya ba ni naira dubu 20 a wata in sa hoton shagonsa da lambarsa a saman shafi, shi kaɗai ya fi abin da kamfanin ke bayarwa.

Sai na duba tambayoyin da aka fi yi mini. Kusan guda ɗaya ce ake juyawa: in zan zuba kajin nama ɗari, nawa zan kashe, kuma yaushe ake ba da rigakafin Gumboro da Lasota? Na haɗa amsar a ɗan littafi na PDF, da lissafin buhunan abinci mako-mako, da jadawalin rigakafi, da fili inda mutum zai cike farashin ranar da ya yi sayayya. Na sa masa naira 2,000. Akwai dalili a farashin: Paystack, kamfanin da ke karɓar biyan kuɗi ta intanet, na cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, amma ba sa cire ɗarin idan kuɗin bai kai 2,500 ba, don haka naira 30 kawai ke tafiya. Akwai kuma Selar, inda mutum zai biya littafin ya sauka masa da kansa. Amma gaskiya mutanenmu sun fi son "turo lambar asusu", su yi tiransifa ta OPay ko Moniepoint su turo hoton rasit ta WhatsApp. Hoton ba shaida ba ne, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka kafin ka tura.

Idan mutum ɗaya cikin ɗari biyu ya saya, a jama'a dubu 6 mutum 30 ke nan, naira dubu 60, ninki huɗu na talla daga mutanen nan dai. Watan farko ya zarce haka, saboda tsofaffin masu karatu duk sun saya a lokaci guda. Daga nan ya sauka zuwa sha biyar ko ashirin a wata, sai ya sake tashi idan an kusa azumi, lokacin da ake zuba kaji don Sallah. Watanni na biyu da na uku ne ke nuna ainihin kasuwar, ba na farko ba.

Littafin yana yawo, babu makawa. Na taɓa ganin nawa a wani zauren WhatsApp na masu kiwo, an turo shi da "a yi wa wanda ya rubuta addu'a". Yanzu ina buga sunan mai saye a kowane shafi, abin ya ragu, kunya tana aiki. Abin da ya fi kare ni shi ne farashin abinci ba ya zama wuri ɗaya, kwafin bara ya tsufa, ni kuma wanda ya saya a hannuna nake aika wa sabo kyauta.

Rajista ita ce ta fi kyau a takarda. Na buɗe rufaffen zaure, naira 1,500 a wata, ina saka farashin 'yan tsaki da abinci da kiret ɗin ƙwai duk mako, ina amsa tambayoyi. Mutum 40 naira dubu 60 ne, kuma kamar albashi. To amma duk wata kusan mutum takwas na fita, ɗaya cikin biyar. Ma'ana kowane mutum yana zama kamar wata biyar ne, abin da zai biya gaba ɗaya 7,500, kuma sai na samo sababbi takwas duk wata kafin ma in tsaya inda nake. Shafi mai mutum dubu 6 da ƙyar yake haifar da su.

Sannan ga aikin. Littafi in ka rubuta ka gama. Rajista kuwa duk wanda ya biya yana bin ka bashin amsa. A zafin watan Afrilu, ƙarfe sha ɗayan dare za a turo hoton kaza ta buɗe baki tana haki, ko hoton kashi da jini, "Malam, don Allah me zan ba su?" Ni ba likitan dabbobi ba ne, sai da na ware wani kaso ina bai wa wani likita yana shigowa yana amsawa. Karɓar kuɗin ma aiki ne, domin kusan babu mai yarda a riƙa cire masa daga kati kai tsaye. Sai ka bi mutum, ya ce, "A yi haƙuri, sai na fitar da kaji." Fitar da sa'an babanka daga zaure a kan naira 1,500 kuwa ba ƙaramin nauyi ba ne.

Da na tambayi masu fita, sai na gane ba gajiya suka yi ba, kajinsu suka sayar. Kajin nama mako shida zuwa takwas suke yi, in an fitar da su mutum ba shi da tambaya sai ya sake zubawa. Don haka na daina rajistar wata-wata, na mai da ita ta zango: naira 3,000 a biya sau ɗaya, daga ranar da aka kawo 'yan tsaki har mako takwas, da littafin a ciki. Bin bashi ya ƙare, kuma ina buɗe zangon ne kawai a lokutan da ake yawan zubawa, ina tsayawa a mutum 30 saboda iyakar abin da ni da likitan za mu iya amsawa ke nan. A sauran watanni littafin da tallar mai shagon abinci ne ke biyan kuɗin ajiyar shafin da data.