Makon jarrabawa: ka rage yawan gudu, ka bar saurin yadda yake

Gudun mita 1500 nake yi, kuma a Dang nake karatu, a Jami'ar Ngaundare. Tambayar da sababbin 'yan wasa suka fi yi mini idan Janairu ya kama ita ce: "Yaya, mu ajiye tarenin ne har a gama jarrabawa, ko mu ci gaba kamar yadda muka saba?" Amsata ita ce duka biyun ba su yi ba. Akwai hanya ta uku, kuma ita nake so in shimfiɗa a wannan fili, domin na bi ta, na kuma ga yadda ta yi da waɗanda muke fita fili tare.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne jiki ba ya ware gajiyar fili daban, gajiyar karatu daban. Zaman sa'a uku a amfi, wato babban ɗakin lacca, da rashin barci, da fargabar jarrabawa, da zagaye goma na mita 400, duk a wuri ɗaya ake cire su. Rijiya ɗaya ce ake ɗiba da guga biyu. Saboda haka makon jarrabawa ni a wurina mako ne na tarenin mai nauyi ko da ban taka fili ba, kuma da haka nake lissafa shi.

Amma aikin yana farawa ne tun Oktoba, ba Janairu ba. A mafi yawan darussanmu kwantirol, wato gwajin da ake yi a tsakiyar zango, yana ɗauke da kashi 30 cikin ɗari, babbar jarrabawa kuma kashi 70, kuma ana son 10 cikin 20 kafin darasi ya wuce. Mu ɗan yi lissafi. Wanda ya ci 14 a kwantirol ya riga ya ajiye maki 4.2 a aljihu, don haka 8.3 kacal yake nema a babbar jarrabawa. Wanda ya ci 6, sai ya kawo 11.7. Wanda kuwa ya tafi wasa ranar kwantirol bai nemi izini ba, aka rubuta masa sifiri, to sai ya ci 14.3 kafin ya tsira. Tsakanin 8.3 da 14.3 akwai darare masu yawa na rashin barci. Ɗan wasan da ya riƙe kwantirol da kyau yana shiga Janairu hankalinsa kwance, yana iya kwanciya ƙarfe goma. Shi ya sa nake cewa kwantirol ɗin Nuwamba da Disamba wani ɓangare ne na shirin gasa. Idan tafiyar wasa za ta faɗo a ranar kwantirol, takarda daga ofishin wasanni ake kai wa malami kafin tafiya, da hannunka, cikin ladabi. Malami ya fi sauraron wanda ya zo kafin ranar a kan wanda ya zo bayanta da dogon bayani. Kuma ka riƙe delegen ajinku, wato wakilin ɗalibai, da kyau, shi ne zai fara sanin an matsar da darasi ko an sa ranar gwaji.

Ga yadda makona yake idan babu jarrabawa. Ina yin kusan kilomita 50 a kwana shida. Kwana biyu ne kawai masu zafi. Ranar Talata zagaye goma na mita 400, kowanne a daƙiƙa 70, da hutun minti ɗaya tsakani. Ranar Asabar dogon gudu na kilomita 12 zuwa 14. Sauran kwanakin gudu ne mai sauƙi, irin wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya katse maganar ba. Ba don ina son Talata na zaɓe ta ba. Na zaɓe ta ne don Laraba da safe ba ni da darasi mai cin ƙwaƙwalwa. Bayan tarenin mai zafi, daren ba na karatu ba ne: za ka buɗe littafi, idonka na kan shafi, amma babu abin da ke shiga. Na daina faɗa da wannan. Daren Talata na kwafe darasin da ya wuce ni ne da shirya takardu, karatu mai nauyi kuma yana zuwa a safiyar ranakun gudu mai sauƙi, bayan sallar asuba da ɗan gudu da wanka, lokacin da kai yake garau. Duk wanda zai tsara makonsa, ya fara ajiye jadawalin darussa a gabansa, sannan ya nemo wa kwanaki biyun masu zafi gurbi. Akasin haka shi ne ke kai mutum barci a amfi.

To, idan ya rage kwana goma a fara jarrabawa fa? A nan ne mutane suke rabuwa gida biyu.

Masu ajiye takalmi gaba ɗaya suna ganin sun yi dabara. Sai dai mako biyu zuwa uku ba motsi yana rage ruwan da ke cikin jini, zuciya ta koma tura jini kaɗan a kowane bugu, gudun da ka saba yi cikin sauƙi ya koma yi maka nauyi. Mafi muni shi ne dawowar. Mutum yana gama jarrabawa sai ya tuna wasannin jami'o'i da hukumar FENASU ke shiryawa sun matso, domin galibi wajen Afrilu ko Mayu ake yin su, sai ya afka wa fili yana so ya rama mako uku a mako ɗaya. Ciwon ƙwauri da na agara a nan ake ɗaukar su. Masu ci gaba da cikakken tarenin kuwa, lokacin karatun da suka rasa daga barci suke cire shi, kuma su ne ake gani da mura da zazzaɓi a tsakiyar jarrabawa, ga hunturun Adamawa da sanyinsa da ƙurarsa.

Kocinmu, dattijo mai ƙarancin magana, ya taɓa ce mini: "Yarona, ƙafa tana manta sauri kafin ta manta nisa. Ka rage min nisan, ka bar min saurin." Abin da masana horo suka daɗe da tabbatarwa ke nan: idan aka rage yawan tarenin sosai amma aka riƙe zafinsa, ƙarfin jiki yana zama yadda yake har tsawon makonni. Shi ne ma abin da ake yi da gangan kafin babbar gasa.

A aikace, kilomita 50 ɗin nan tana komawa 25 zuwa 30. Zagaye goma na Talata suna komawa biyar, amma har yanzu a daƙiƙa 70, ba 75 ba, hutun tsakani kuma ya zama minti ɗaya da rabi. Dogon gudun Asabar ya koma minti 35 ko 40. Sauran ranakun minti 20 zuwa 25 ne, sai a rufe da gajeren gudu mai sauri na mita 80 sau huɗu, don ƙafa ta tuna aikinta. Kwana biyar nake fita maimakon shida. Ana gobe jarrabawa mai nauyi ba na yin komai mai zafi, ɗan gudu ne na warware jiki. Har da ɗumama jiki, babu ranar da tarenin ke cin fiye da minti 45, kuma ba na shiga gari: daga Dang zuwa cikin Ngaundare kusan kilomita 15 ne, zuwa da dawowa kaɗai sun isa su cinye lokacin bitar darasi guda. Ɗumama jikin ne kaɗai ba na ragewa. A kan tudun nan, sama da mita 1000 daga teku, asubar Janairu tana da sanyin da ke ɗaure tsoka, kuma shiga sauri da tsoka a ɗaure neman ciwo ne. 'Yan'uwanmu na Garwa da Marwa matsalarsu daban ce, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke haura 40: su dole su gama kafin rana ta ɗaga, kuma su sha ruwa fiye da yadda ƙishi ya nema.

Yaya mutum zai gane ya wuce gona da iri? Ba sai da agogo mai tsada ba. Da ka farka, kafin ka sauko daga katifa, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya, ka rubuta a bayan littafi. Ka yi haka mako biyu a lokacin da kake lafiya don ka san naka adadin. Nawa yana wajen 52. Idan na ga 58 ko 60 safiya ɗaya, ba na damuwa, wataƙila shayin dare ne. Idan ya tsaya a nan kwana uku a jere, to jiki yana magana, kuma ranar hutu ce ko da jadawali ya ce Talata. Alama ta biyu tana fili: daƙiƙa 70 ɗin da ka saba ta koma 73 alhali ka fi jin wahala. Ta uku tana kan tebur: ka karanta shafi ɗaya sau uku ba ka iya faɗin abin da ke ciki. Idan biyu daga cikin ukun nan suka haɗu, barci ne magani, ba ƙarin ƙoƙari ba. Idan kuma da zazzaɓi, babu gudu sam, sai asibiti a duba jini, domin a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro yana iya fara zuwa da kamar gajiyar tarenin.

Maganar barci ina yin ta da zafi saboda ita ce abokaina suka fi wasa da ita. Ana alfahari da kwana zaune a minisite, wato gidajen hayar ɗalibai, da butar shayi da kofi. Amma a cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, a cikinsa kuma tsoka ke gyara kanta, don haka ɗan wasan da ya kwana zaune ya yi asara biyu a dare ɗaya. Kofin da ka sha ƙarfe biyar na yamma, kusan rabin ƙarfinsa yana jikinka ƙarfe goma na dare. Ni bayan azahar ba na taɓa shi, kuma sa'a bakwai zuwa takwas nake nema ko da gobe akwai jarrabawa biyu. Abinci ma kada a rage shi don an rage gudu. Fanke da wake da kunu da safe sun fi a shiga ɗakin jarrabawa da shayi zalla.

Bayan takarda ta ƙarshe, ba a komawa kilomita 50 nan take. Makon farko ina tsayawa wajen 38, zagayen Talata su zama bakwai. Mako na biyu ne nake mayar da goman da dogon gudun Asabar. Wanda sakamako ya nuna yana da darasin da zai sake a ratarafaj, wato jarrabawar cike gurbi, ya faɗa wa koci ranar da ya gani, domin a sake rage masa mako guda a lokacin da ya dace, kafin a fitar da sunayen waɗanda za su shiga sansanin shirin wasannin.