Yadda muke hana allon farashi nuna tsohon kwafi

Kamfaninmu ƙarami ne, mu huɗu ne a Kano, kuma aikinmu shi ne haɗa allunan bayanai da ake saƙalawa a cikin shafukan intanet na masu hulɗa da mu. Ɗaya daga cikinsu ƙungiya ce ta 'yan kasuwar hatsi, wadda ma'aikacinta ke tattaro farashin masara, gero da dawa daga kasuwar Dawanau, ya ɗora su a fayil mai suna `farashi.csv`, allonmu kuma ya karanto fayil ɗin ya zana jadawali.

Bayan hutun Sallah shugaban ƙungiyar ya kira ni, ya ce an ɗora sabon farashi tun da safe, amma wayarsa tana nuna na kafin hutu, alhali a kwamfutar ofishinmu sabon ne ya bayyana. Da na binciki amsar da sabar ke bayarwa da umarnin `curl -I`, sai na tarar akwai layin `Last-Modified`, mai nuna lokacin da aka canza fayil na ƙarshe, amma babu `Cache-Control`, mai faɗin tsawon lokacin da za a riƙe kwafi, kuma laifin nawa ne domin ni na shirya sabar. Idan ba a gaya wa burauza tsawon lokacin da za ta riƙe kwafi ba, takan yi kintace da kanta, inda a bisa al'ada take ɗaukar kashi 10 cikin 100 na lokacin da fayil ya yi ba a taɓa shi ba. Fayil ɗinmu ya kwana goma bai canza ba, saboda haka wayar da ta buɗe shafin a daren ƙarshe na hutun ta ɗauki kwafinta a matsayin ingantacce har tsawon yini guda, ba tare da ta sake tuntuɓar sabar ba.

Maganin gaggawa da muka yi shi ne liƙa lokacin buɗe shafi a ƙarshen adireshin fayil ɗin, domin burauza na ajiye kwafi ne da cikakken adireshinsa, kuma duk adireshin da ba ta taɓa gani ba dole ta nemo shi daga tushe.

```
fetch("farashi.csv?v=" + Date.now())
```

Wannan ya yi aiki, amma ban gamsu da shi ba. Fayil ɗin ya kusa megabait 2 saboda yana ɗauke da farashin shekarun baya, ga shi kowace buɗewa sai an sauke shi gaba ɗaya ko da harafi ɗaya bai canza ba, kuma masu duba allon da datar wayarsu suke biya. Ban da haka, ana iya saita sabar tsakiya mai rarraba shafuka ta yi watsi da abin da ya biyo bayan alamar tambaya, sai ta ci gaba da miƙa tsohon kwafi. Ana gane hakan daga layin `Age`, wanda ke nuna daƙiƙun da kwafin ya yi a ajiye a hanya.

Tsarin da muka tsaya a kansa shi ne sunan fayil ya canza duk lokacin da abin da ke cikinsa ya canza. Da zarar an ɗora sabon farashi, manhajarmu tana lissafa gajeren tambari daga abin da fayil ɗin ya ƙunsa, ta sa masa suna kamar `farashi.3f9a1c.csv`, sannan ta rubuta sunan a wani ɗan fayil, `siga.json`, wanda allon ke fara karantawa. Kowanne da umarninsa:

```
# siga.json
Cache-Control: no-cache
# farashi.3f9a1c.csv
Cache-Control: max-age=31536000, immutable
```

Sunan `no-cache` yana ruɗar mutane da yawa, domin bai hana ajiye kwafi ba. Abin da ya wajabta shi ne a tambayi sabar kafin a yi amfani da kwafin, idan kuma babu canji sabar ta amsa da lambar `304` ba tare da sake aiko komai ba. Babban fayil ɗin kuwa an ba shi izinin zama na shekara guda, tunda abin da ke ƙarƙashin wannan suna ba zai taɓa canzawa ba. Wajibi ne a fara ɗora babban fayil kafin a sabunta ƙaramin, in ba haka ba wanda ya shigo a tsakani zai nemi sunan da bai wanzu ba tukuna, ya sami `404`.

Tsarin bai taimaki wanda ya bar shafin a buɗe tun jiya ba, saboda haka muka sa allon ya sake duba `siga.json` duk minti goma. A ƙasan jadawalin kuma muna buga rana da sa'ar da aka tattara farashin, daga cikin fayil ɗin kansa, domin ɗan kasuwa ya duba kafin ya yanke ciniki.