Peachtree ya fita daga CV ɗina, aikin da na yi da shi ya zauna

CV ɗin da nake da ita tun 2012 ce, wani yaro ne ya buga min a shagon kwamfuta lokacin ina neman aikin akawun kuɗi a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano, kuma Allah ya sa na samu, tun daga nan ban sake buɗe ta ba sai bana da wata dama ta taso aka ce a tura ta imel. Shafi huɗu ce cif. Shafin farko gaba ɗaya ba komai sai ni: ranar haihuwa, jiha, ƙaramar hukuma, addini, aure, jinsi, ga hoton fasfo a kusurwa da jan bango. Wanda zai ɗauke ni aiki sai ya kai shafi na uku kafin ya san me na iya.

Wajen kwamfuta na fara, don nan ne tsufan ya fi fitowa. An jera Windows XP, Microsoft Office 2007, Internet Explorer, PageMaker da Peachtree. To XP dai tun Afrilun 2014 Microsoft suka daina kula da shi, Internet Explorer kuma an yi masa ritaya a Yunin 2022, kuma ko suna nan da ransu, iya buɗe burauza ba gwaninta ba ce da za ka rubuta wa mai ɗaukar akanta. Waɗannan goge su ba wahala. PageMaker ma haka, katin biki kawai na taɓa yi da shi.

Peachtree, manhajar lissafin kuɗi, shi ne ya tsayar da ni, saboda da shi na yi aiki na gaske shekaru, da shi nake shigar da rasiɗai, da shi nake fitar da lissafin wanda ake bi da wanda yake bin mu. Amma sunan kansa ya riga ya canza, kamfanin Sage sun mayar da shi Sage 50 tuntuni, don haka in matashiyar ma'aikaciya mai tantance CV ta ga Peachtree ko dai ba ta san shi ba, ko ta san shi ta gane cewa nan ilimina ya tsaya. Jarabar da take zuwa ita ce ka goge kawai ka rubuta Sage 50 a wurin, ai abu ɗaya ne. Ban yi haka ba sai da na je wajen wani abokina da ofishinsu ke amfani da sabon, na zauna na shigar da wasu takardu da hannuna, na ga inda abubuwa suka koma. Dalilina shi ne a intabiyun akanta ba a cika tsayawa a baki ba, ana iya juyo maka laftof a ce bismillah, daidaita mana wannan asusun da takardar banki. Abin da ba zan iya yi a gabansu ba, bai shiga takardar ba. Shi ya sa QuickBooks, wata manhajar lissafin da na taɓa kallon bidiyonta kawai, na bar ta a waje duk da ina ganinta a tallan aiki da yawa.

Sai kuma abin mamaki, abubuwan da nake yi kullum babu su a ciki sam, tunda bayan 2012 suka zo. Biyan kuɗin gwamnati ta Remita, wanda ya zama dole bayan an tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015. Shigar da bayanan haraji ta TaxPro Max da hukumar haraji ta tarayya ta fito da shi a 2021. Lokacin da VAT ya tashi daga 5% zuwa 7.5% a Fabrairun 2020 ni na gyara duk takardun farashinmu da lissafin da ke bayansu. Excel kuma maimakon in rubuta sunansa kawai, na faɗi me nake yi da shi, wato PivotTable na cinikin wata da VLOOKUP wajen haɗa sunayen kwastomomi da bashinsu, domin kowa na rubuta Excel, har wanda jadawalin sunaye kawai ya iya.

Lafazin ne ya fi cin lokaci. Kowane layi a tsohuwar da "Responsible for" yake farawa, na ƙarshe kuma ya ce da duk wani aiki da oga ya ba ni. Wannan ai bayanin kujerar ne, duk wanda ya zauna a kanta haka zai rubuta ko da barci yake yi. Bari in ba da misali ɗaya. Akwai layin da ya ce ni ke da alhakin lissafin bashin kwastomomi. Na tambayi kaina to me na yi a kai? Sai na tuna a da bashin dilolinmu a littafi ɗaya yake a cakuɗe, ba ka san na jiya da na bara ba, ni na raba shi gida gida, na kwana 30, na 60, na 90 zuwa sama, nake miƙa wa manaja duk ƙarshen wata, daga nan aka fara tsayar da kaya ga duk wanda ya haura 90. Sabon layin haka ya faɗa, da aikatau a gaba: na tsara, na raba, ga abin da ya biyo baya. Ban sa adadin kuɗin da aka karɓo ba, na farko sirrin kamfani ne, na biyu ba ni da takardar da zan nuna in an ce ina hujja.

Tsari kuwa ban wahalar da kaina ba. Shafi biyu. Suna, lambar waya da imel a sama (na buɗe sabon imel da sunana, tsohon yana da laƙabin samartaka a jiki), sai layi uku na ko ni waye a sana'a, sai aiki daga na yanzu zuwa baya, sai karatu. Firamare ta fita, sakandare ta koma layi ɗaya, NYSC ma layi ɗaya da shekara. Addini da aure da hoto na cire. Jiha da ƙaramar hukuma dai na ajiye su a wani kwafi daban, domin aikin gwamnatin tarayya ana tambayarsu saboda tsarin rabon guraben aiki tsakanin jihohi, kamfani mai zaman kansa kuwa ba ruwansa. Alƙalan shaidata uku na da, ɗaya ya rasu Allah ya jiƙansa, ɗaya lambarsa ba ta shiga, don haka na nemi sababbi na kira su na nemi izini tukun.

Ƙanwata ta so in ɗauki irin CV masu kyan nan na manhajar zane ta Canva, masu shafi rabe biyu da ɗigo ɗigon da ke nuna wai ka iya Excel huɗu cikin biyar. Na ce mata huɗu cikin biyar na me, wa ya auna? Ban da haka, manyan kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara karanta CV kafin mutum, kuma akwatuna da ginshiƙai suna iya rikita mata jerin rubutu. Gwajin da na yi mai sauƙi ne: na adana a PDF daga Word, na buɗe, na danna Ctrl+A da Ctrl+C, na liƙa a Notepad. In rubutun ya fito a jere yadda ido ke karanta shi to lafiya, in shekarun aiki sun haye kan sunan makaranta sai a koma a cire teburin. In kuma ba abin da ya kwafu sam, hoto ne ka tura, abin da ke faruwa ke nan in an buga a takarda an yi sikanin a shago. Tawa a karon farko lambar waya ce ta koma can ƙasa saboda tana cikin akwatin rubutu a saman shafi, na fito da ita na rubuta ta a layi na biyu ƙarƙashin suna, na sake gwadawa ta fito daidai, sannan na sa wa fayil ɗin sunana da CV da 2025 na tura.